Rubutun ƙasan bidiyona yana ɓacewa a kan farar auduga, ku taimaka

Sadiƙu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata ƙungiyar manoma ce ta ba ni aikin hira da masu noman auduga a wani ƙauye kusa da Funtuwa. Mun tsara mu fara da sassafe, sai mai mashin ɗin da zai kai ni ya makara, ga shi tayarsa ta yi faci a hanya, ba mu isa ba sai da rana ta take. Iskar hunturu ta cinye rabin maganar dattijon, shi ya sa shugaban ƙungiyar ya ce in rubuta abin da yake faɗa a ƙasa. To dattijon farar riga ce a jikinsa, bayansa kuma tulin auduga, farin rubutuna sai ya narke a ciki. Na zagaye haruffan da baƙin layi, a laftof ya yi kyau, da na tura ta WhatsApp aka ce ba a gani. Na kunna akwatin baya, sai layin ya ɓace gaba ɗaya. In na canza kalar bayan babu abin da ke motsawa, in na ƙara kaurin layin kuma akwatin ne ke kumbura. Jibi za su nuna wa baƙinsu, kuma na riga na ci rabin kuɗin. Me nake yi ba daidai ba?

Oga Habu Mai Kyamara: Wa'alaikassalam. Ƙanena, cire akwatin nan ka huta. Akwati aikin 'yan koyo ne. Ka mai da rubutun ruwan ɗorawa, ka ba shi baƙin layi mai kauri, shi ke nan. Tun zamanin kaset muke haka, ba wanda ya taɓa dawo mana da aiki.

Ummi: Ai abu ne mai sauƙi. Taɓa rubutun, shiga Style, za ka ga Stroke daban, Background daban. Kunna su duka biyu, sai ka tabbata ka zaɓi a sa wa duka layukan, kada ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Jiya ma na yi wa bidiyon girkina.

Sadiƙu: Malama Ummi, ni ban ga waɗannan ba. Ba da waya nake yi ba, Kdenlive ne a laftof.

Ummi: Au, na ɗauka CapCut ne. To ai da ka faɗa tun farko.

Nura Gusau: Ni abin da ya tsaya mini shi ne rabin kuɗin da ka ce ka karɓa. Ka gode wa Allah. Bara na yi wa wasu mutane bidiyon taro, sau biyar ina canza musu kalar rubutu, wannan ya ce ja, wancan ya ce kore irin na tambarinsu, ƙarshe suka ɗora shi a shafinsu, har yau cikon kuɗina sai "za mu neme ka". Kada ka ba su na ƙarshe sai ka ji alat.

Anti Zulai: Sadiƙu, da ka ambaci Kdenlive na gane ciwon, kuma ba kai ka ɓata komai ba. Rubutun ƙasa a Kdenlive yana bin tsarin ASS ne, a tsarin nan kuwa akwai wani gurbi guda, BorderStyle, da ke yanke hukunci. In ya zama 1, haruffa na samun layin gefe da inuwa. In ya zama 3, ana zana akwati. Ɗaya ake zaɓa. Da ka kunna akwati, layin ne da kansa ya rikiɗe ya zama akwatin: kalarsa daga OutlineColour take fitowa, faɗin gefensa kuma daga lambar Outline. Shi ya sa ka ga yana kumbura in ka ƙara kauri. Kalar bayan da kake ta murɗawa, BackColour, ta inuwa ce. In inuwarka na kan 0, ko ka kwana kana canza ta ba abin da za ka gani. Don haka kalar akwati da duhunsa, a wajen kalar layi za ka gyara su.

Yanzu faɗa mini, wane font ka sa, kuma duhun layin nan nawa ka bar shi?

Sadiƙu: Anti, wani siriri ne mai kyau da na sauko da shi, irin na tallan turare. Duhun kuma tun farko na rage shi zuwa kashi 30, don ba na son baƙi ƙirin ya rufe hannun dattijon inda yake nuna ƙwayar audugar. Wurin nan shi ne zuciyar bidiyon.

Oga Habu Mai Kyamara: Kun ji ko? Siririn font da layi mai kashi 30. Ba ruwan manhaja, kai ka jawo. WhatsApp matse bidiyo yake yi, abu na farko da yake haɗiyewa kuwa shi ne siraran layuka. A bidiyo mai tsayin 1080, layin da bai kai ɗigo 3 ko 4 ba kamar babu shi ne a waya. Kuma layin gefe ba a rage masa duhu. Na ce maka ruwan ɗorawa.

Anti Zulai: Oga Habu, maganar matsewa da kaurin layi gaskiyarka ce. Ta ruwan ɗorawa ce ban bi ka ba. Ido da haske da duhu yake rarrabe harafi, ba da kala ba, ruwan ɗorawa kuwa a haske ɗan uwan fari ne, kusan kansu ɗaya. A kan auduga da tsakar rana duk nauyin zai koma kan baƙin layin, daidai da farin da yake da shi yanzu. A fim ɗin da aka ɗauka cikin ɗaki yana fitowa ras, shi ya sa kuka saba da shi.

Sadiƙu, kashi 30 ɗinka ne babbar matsalar. Baƙin akwati mai kashi 30 in ya hau kan fari tas, toka-toka mai haske yake komawa, bambancinsa da farin harafi wajen 2 ne a kan 1. Masu ƙa'idar karatun allo 4.5 suke nema mafi ƙaranci. A kashi 50 kana wajen 4, ka kusa amma ba ka kai ba. A kashi 60 ka tsallake sosai, kusan 5.7. Wato a wuri irin naka, kada ka sauka ƙasa da 60, kuma a hakan ma ana hango abin da ke bayan akwatin. Ka nemo inda hoton ya fi haske a duk bidiyon, ka tsayar a nan, a nan za ka auna. Wanda ya karantu a kan tulin auduga zai karantu a ko'ina.

Sadiƙu: Na gwada 60 yanzu. Ana karantawa kam, amma inda rubutun ya kai layi biyu, wani baƙin zare ya fito a tsakaninsu. Kuma ni gaskiya har yanzu layin da akwatin nake so tare, haka na gani a tashoshin waje.

Anti Zulai: Zaren nan, kowane layi da akwatinsa, inda na sama ya hau kan na ƙasa sai duhun ya ninku. Rage lambar Outline har su daina haɗuwa, ko ka gajarta maganar ta zama layi ɗaya. In kuma sai lallai ka haɗa biyun, akwai BorderStyle=4, ƙari ne na libass, wanda ffmpeg ke zana rubutu da shi. Shi akwati guda yake yi wa duka layukan, ya bar layin gefe a wurinsa. A nan ne BackColour ke zama kalar akwati, Shadow kuma faɗin gefensa. Fitar da bidiyon babu rubutu, fitar da rubutun a SRT, sannan:

```
ffmpeg -i hira.mp4 -vf "subtitles=hira.srt:force_style='FontName=Noto Sans,Bold=1,FontSize=18,BorderStyle=4,Outline=1,Shadow=2,OutlineColour=&H00000000,BackColour=&H60000000'" -c:a copy gama.mp4
```

Ka lura da lambobi biyun farko bayan &H, a juye suke: 00 shi ne duhu cikakke, FF shi ne babu komai. 60 ɗin da na sa yana ba ka duhu wajen kashi 62. Kada kuma 18 ta ba ka tsoro, da SRT ana auna girman ne kamar tsayin allon 288 ne, sai a faɗaɗa shi daidai da bidiyonka. Sai ka fara sa Noto Sans a laftof ɗin, in babu shi wani zai ɗauko maka.

Malam Isuhu Maraɗi: Ni tambayata daban ce. Siririn font ɗin naka yana da ƙ da ɗ da ɓ kuwa? Na taɓa kammala aiki, sai a wajen nunawa na ga "ƙasa" ta fito da ƙ ɗinta ƙatuwa ta wani gida daban, "ɗan'uwa" kuma da ɗan murabba'i a farkonta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Rubuta "ɓarawo ya ɗauki ƙwai" ka ƙura masa ido.

Sadiƙu: Malam Isuhu, na duba. Ƙ ɗin ta ɗan fi sauran kauri, amma sai an matso ake ganewa. Shugaban ƙungiyar ya riga ya ga font ɗin ya ce ya yi masa. In na canza yanzu zai ce me ya faru.

Anti Zulai: Kaurin nan alama ce an aro ta daga wani font. A laftof ya gani, baƙinsa kuma a waya ko a majigi za su gani.

Oga Habu Mai Kyamara: Duk wannan lissafin da baƙin allo na rubuta umarni, a kan hirar minti nawa? Yaro yana da jibi, kuna tura shi makaranta. Kuma tushen abin ma ba a ɗaukar mai farar riga a gaban auduga da tsakar rana. Da ka zaunar da shi ƙarƙashin darbejiya, da ba mu nan. In ka ƙi ruwan ɗorawa, to shimfiɗa baƙin ƙyalle mai dusashewa a ƙasan hoton, daga farko har ƙarshe, rubutun ya hau kai da layinsa.

Anti Zulai: Wannan dabarar tana aiki, kuma a cikin Kdenlive ɗin zai yi ta, ba sai ya fita ba. Illarta ita ce tana nan ko lokacin da ba a magana, hannun dattijon da yake karewa zai dushe ke nan.

Nura Gusau: Ko ka mayar da rubutun sama a wurin hannun kawai. Amma dai ka karɓi cikonka.

Sadiƙu: Sama akwai tambarin ƙungiyar, sun ce kada a taɓa shi. Oga, inuwar ma da na nema dattijon ne ya ce sai dai a gaban audugarsa. Anti, ban taɓa buɗe ffmpeg ba, kuma an ɗauke wuta tun la'asar, caji na kashi 22. Ina ganin zan bar font ɗin in sa akwatin a 45, tsaka-tsaki, in tura wa ƙanwata ta duba a wayarta.

Anti Zulai: 45 da siririn harafi ba zai kai ba. In za ka tura mata, ta WhatsApp ɗin za ka tura a matsayin bidiyo, kada ka tura shi a fayil, kuma ta fita tsakar gida cikin rana ta duba.

Ummi: Wai har yanzu ba ka gwada turo shi waya ka ƙarasa a CapCut ɗin ba?