Sabuntawa Yanzu ko a Dakata: Shawarar Masu Gyaran Waya a Marwa

A wata tattaunawa da masu gyaran waya suka yi a Marwa da ke arewacin Kamaru, yawancinsu sun yarda cewa idan saƙon sabunta manhajar waya ya fito da Faransanci yana ɗauke da "correctif de sécurité", to kada a jinkirta, domin wannan gyara ne na toshe kafar da masu kutse za su iya bi su saci bayanai. Idan kuwa "nouvelles fonctionnalités" kaɗai ya ambata, wato sababbin abubuwan da aka ƙara, za a iya danna "Plus tard", wato sai daga baya, a jira kwanaki, har a ji yadda ta kasance wa wasu.

Sun fi jaddada batun wuta, kuma ina ganin da gaskiyarsu: a cika batir, a adana hotuna da lambobi tukuna, saboda wayar da ta mutu ana tsakiyar sabuntawa tana iya ƙin kunnuwa.