Jakina yana miƙa ƙafar gaba ta dama idan ya tsaya

Assalamu alaikum. Aiki ya riƙe ni a Yamai, jakin amalankena kuma yana gida Maraɗi, a hannun ƙanena. Kwana 4 ke nan yana turo mini hotuna, kuma tsayuwar ɗaya ce: jakin ya miƙa ƙafar gaba ta dama gaba, bakin kofaton kawai ke taɓa ƙasa, nauyin duk ya koma ta hagu. Da ta baya ce da ban damu ba, jaki yakan hutar da ita.

Na sa an wanke kofaton, an kankare ƙasansa, ba ƙusa ba tsakuwa. Mun cire shi daga amalanke, bai sauya ba. Ƙanena ya ce kofaton ya fi sauran zafi, amma ba wari. A hoton gefe na ga ya yi tsawo, bakinsa ya fara lanƙwasa sama kamar takalmi. Hotunan farko cikin rairayi aka ɗauka, kofaton ya nutse, sai da aka sake a kan siminti.

Don Allah masana, wace alama zan duba a hoto in bambance ƙurji cikin kofato da tsawon kofato kawai?