Shago na biyu ko hayar suna? Waɗanda suka taɓa yi, ku ba mu labari

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Shekarata shida da shagon gyaran gashi a Hotoro, nan Kano. Kujera huɗu, yara biyar, muna wankin kai, kitso, lalle da gyaran amare. Daga Alhamis zuwa Lahadi ba masaka tsinke, har wasu su gaji da jira su tafi. Yanzu dillali ya samo mini shago a Kabuga, ga kuma wata tsohuwar yarinyata da aure ya kai Katsina, tana so ta sa sunan shagona a allonta ta riƙa biyana. Na rasa wanda zan kama. Don Allah wadda ta taɓa yi ta faɗa mini yadda ta kaya.

Hajiyar Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni sau biyu na buɗe reshe a Kaduna, na farkon bai kai shekara ba na kwashe kayana. Kafin ki ba dillali ko sisi, ɗauko littafin ciniki na wata guda ki ware aikin da kika yi da hannunki daga wanda yara suka yi.

Ga yadda nawa ya kasance lokacin da na yi wannan lissafin, bayan na riga na ƙone. Cinikin wata naira dubu 900 ne, abin da ke saura bayan an cire haya, mai, kayan aiki da kason yara dubu 300. Ina ta murna wai ribata ke nan. Ashe a cikin dubu 900 ɗin nan, aikin dubu 350 ni na yi shi da hannuna, kuma ban taɓa cire wa kaina kaso ba. A reshe ba ni zan tsaya ba, dole in ɗauki ƙwararriya, ita kuwa kashi 40 cikin ɗari take karɓa, dubu 140 ke nan. Sai mai riƙe kuɗi da mukulli, dubu 60. Ribar ta dawo dubu 100, shi ma sai in reshen ya cika kamar uwar shagon, abin da ba ya faruwa a watannin farko. Na kashe wajen miliyan 3 a haya, la'adar dillali, madubai, kwanon wankin kai, na'urar busar da gashi da janareta. Ki raba da kanki, wata 30 kafin kuɗina su dawo.

Abin da ya nuna mini lokaci ya yi a karo na biyu shi ne tafiya Umara. Na yi sati uku ba na nan, na dawo na tarar ciniki bai faɗi sosai ba, kuma ba amaryar da ta ɗage ranarta don ta jira ni. A karon farko kuwa, ko suna na je gidan 'yan'uwa sai waya ta dame ni, “Hajiya, ta ce ke take so.”

Baban Walid Mai Aski: Hajiya ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Ni shaguna uku gare ni, ban taɓa wannan dogon lissafin ba. Kowane yaro da kujerarsa, da daddare ya kawo balas ɗin da muka yanke, sauran nasa. In wuri mai kyau ya samu a kama kawai, gobe wani zai rigaye ki.

Hajiyar Unguwar Rimi: Malam, aski daban ne. Injin aski da reza da ɗan sifirit, minti ashirin an sallami mutum. Mu amarya ɗaya sai ta cinye kwana biyar ana dilka da halawa da turare, kuma kayan daga aljihun mai shago suke fita. In ka yanka wa yarinya balas, ta nan za ta rage, sai a tsinka man gashi, a rage kurkur a dilka. Amma maganarka ta wuri gaskiya ce, shago mai kyau a bakin titi ba ya jira.

Ummu Sadiq: Maman Ilham, wane watanni kika duba da kika ce ba masaka tsinke? Ni cunkoson Sha'aban da jajiberin Sallah ne ya ruɗe ni. Na kama reshe ana ta bukukuwa, azumi na kamawa muka yi kwana ashirin muna kallon juna, sai goman ƙarshe aka ɗan motsa. A kan haka aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, ga janareta biyu, na'urar busar da gashi kuwa kin san yadda take shan mai. Na rufe, na dawo na karɓi shagon da ke jikin nawa na fasa bango, na ƙara kujera uku. Janareta ɗaya, ido ɗaya. Na kuma ƙara kuɗin aikin Asabar da Lahadi, masu sauƙin lokaci suka koma Talata da Laraba da kansu. Wani abu da ban yi tsammani ba a reshen, kusan rabin masu zuwa tsofaffin kwastomomina ne da wurin ya fi musu kusa. Ashe raba su na yi gida biyu, ina biyan haya biyu. Ke dai tsakanin Hotoro da Kabuga da tazara, ƙila ba za ki gamu da wannan ba.

Anti Mai Lalle: A kan hayar suna, in dai kin yi rajista da CAC ba abin tsoro. Sunan naki ne, ranar da ta saɓa ki ce ta sauke allo. Ni kashi 10 na ciniki muka yi da wata a Zariya.

Maman Ilham: Anti, tana biya kuwa?

Anti Mai Lalle: Wata uku ta biya daidai. Daga nan kullum “ba kasuwa”, alhali ina ganin amare a hotunan da take sawa. Taransifa kuma asusunta take shiga, ta ina zan ƙirga?

Yaya Hauwa: Anti, gyara kaɗan. Takardar CAC rajistar sunan kasuwanci ce. Rajistar tambari daban take, ofishinta yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya, kuma ita ce ƙarfinki in rigimar suna ta tashi. Sannan a rubuta yarjejeniya gaban lauya, da wa'adi, da abin da zai sa a sauke allo.

Ni na daina maganar kaso gaba ɗaya saboda abin da ya samu Anti. Mata biyu ke aiki da sunana. Suna biyan kuɗi tsayayye a shekara, kuma haɗin dilka da man kitso daga wurina suke saya, ban ba su sirrin haɗin ba. Daga yawan robar da suka ɗauka nake gane yadda kasuwarsu take. Duk yarinyar da za su ɗauka sai ta yi wata guda a shagona. Duk da haka an taɓa kirana da daddare, wai “shagonku” ya bar wa yarinya rilaksa a kai har ya ƙona mata fata. Ban san mai aikin ba, amma ni na ba da haƙuri, ni na biya magani. Mintin da rilaksa zai yi a kai ana iya rubuta shi a manna a bango. Laushin hannun mai kitso da tsabtar zanen lalle kuwa, har yau ban san yadda ake rubuta su ba.

Ummu Sadiq: Yaya Hauwa, ranar da suka gano haɗin fa? Kayan duk suna kasuwar Kurmi da Sabon Gari.

Yaya Hauwa: Ɗaya ma ina zargin ta fara haɗa nata, don odarta ta ragu, amarenta kuma ba su ragu ba. Ina jiran wa'adin shekara ya cika mu zauna.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Hajiya, na zauna da littafin jiya da daddare, kusan rabin cinikin amare hannuna ne, lallen ma in ba ni ba sai yarinya ɗaya ake yarda da ita, ita ma an sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah. Dillali ya ba ni zuwa Litinin. Ummu Sadiq, da kika fasa bangon, mai gida ya ce sai kin mayar masa in za ki tashi, ko yaya kuka yi?