Lissafin wat daga kilam mita ya ƙi fita daidai

Jama'a don Allah ina neman taimako, abin nan ya tsaya min a rai tun jiya. Akwai wata motar famfon ruwa mai fes ɗaya, na maƙala kilam mita, wato na'urar auna amfiya, a wayar wuta kaɗai, ban haɗa da nutural ba don na san in ka kama biyun tare sifili zai nuna, sai ta ba ni amfiya 6.5, boltej kuma 230. Na yi amfani da P = V × I × PF, a jikin farantin motar an rubuta PF, wato fawa fakto, 0.8, lissafi ya ba ni wat 1196.

To amma da na saka mitar wat ta soket sai ta nuna wajen 900 kawai. Da na raba 900 da 1495, wato boltej sau amfiya, sai fawa fakton ya dawo 0.6.

Ni dai ina zargin 0.8 ɗin na lokacin da motar ke ɗauke da cikakken lodi ne, ni kuwa bawul a rabi yake lokacin da na auna. Ko kuwa kilam ɗin ce, tunda ba True RMS ba ce, wato irin wadda ke auna amfiya daidai ko da siffar wutar ta karkace? Wanne zan yarda da shi, 1196 ko 900?