Kukan kurciya jawabi ne: waƙar wahala tsakanin kambamawa da kawaici

Ɗalibar Hausa: Assalamu alaikum. Na rubuta waƙa a kan yunwar 1984 kamar yadda kakata ta ba ni labari. Na fara da cewa:

*Hawayenmu sun cika Kwara fal,*
*Yunwa ta haɗiye duniya.*

Malamina ya ce in cire wannan, in bar baitocin da na ɗauka ba su da ƙarfi:

*Da asuba Baba ya hau rumbu,*
*Ya sauko mana da damin iri.*
*Inna ta daka, ta raba mana,*
*Ta ce ita ta ci tun da wuri.*

Bai ce mini komai ba sai "Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa." Me yake nufi?

Ɗan Tasha: Wa alaikumus salam. Wannan ai karin maganar habaici ce. In an yi zance a kaikaice, mai wayo ya gane da shi ake. Ina jin malaminki so yake ki yi wa gwamnati habaici.

Tsohon Malamin Firamare: Ɗana, ana amfani da ita a wajen habaici, gaskiya ne, amma ba nan ta tsaya ba. Kurciya ba ta da ƙarar zakara. Kukanta a hankali yake, kullum iri ɗaya, har wanda bai kula ba ya ɗauka babu komai a ciki. Abin da karin maganar ke cewa shi ne saƙo na nan, sai dai an bar wa mai saurare rabin aikin.

'Yata, dubi baitocinki. Da kika ce hawaye sun cika kogin Kwara, na san ba su cika ba, ke ma kin sani. Sai zuciyata ta ce wannan adon magana ne, ta sami mafita. Amma damin iri ba shi da mafita. Duk manomi ya san iri shi ne zangarniyar da aka zaɓa tun kaka, mafi ƙoshi, aka ɗaure daban, aka ajiye inda yara da ɓera ba za su kai ba. Ana sayar da akuya, a sayar da tabarma, a ci tafasa da ganyen jiga, ba a taɓa shi ba. Ranar da magidanci ya sauko da shi, ya riga ya yanke cewa gara 'ya'yansa su kai gobe ko da damina ta zo ba abin shukawa. Ba ki faɗi wannan ba, ni na faɗa wa kaina, shi ya sa ya zauna mini a ƙirji.

Sai kuma "da asuba". Me ya sa da asuba? Don kada maƙwabta su gani. Kin sa kunyar mutumin cikin kalma biyu. Ɗangon ƙarshe kuwa shi ne wuƙar. Duk wanda uwa ta yi rainonsa ya san ba ta ci ba. Yaran da ke cikin waƙar sun yarda da ita, mu masu karatu ba mu yarda ba, kuma ba mu da hanyar gaya musu.

Hajiya Mai Ƙosai: Malam, wallahi ka sa na ajiye waya na yi shiru. Mu a gidanmu haka ne da rasuwa. Lokacin da yayana ya rasu, shi ne ɗan fari, matan unguwa suna ta kururuwa, mahaifiyarmu ko hawaye ba ta bari an gani ba, saboda alkunya. Sunansa ma ba ta taɓa kama shi ba tun yana raye. Bayan sadakar bakwai ta zuba tuwon dare, ta ɗauko kwanonsa, ta tsaya tana kallonsa, ta mayar. Kukan matan nan duk na manta yadda yake. Wannan kam har yau.

Almajirin Zaure: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Amma ina da ja, Malam. In kambamawa rauni ce, yaya za mu yi da Burda? Tun baitin farko Busiri ya kawo hawaye gauraye da jini, kuma ana rera ta a Kano da Zariya mutane na kuka. Waƙoƙin wa'azi na ajami da ke siffanta kabari da wuta fa? Ba a yi su da murya ƙasa-ƙasa ba.

Tsohon Malamin Firamare: Ban ce rauni ce ba, Malam ƙarami. Mai wa'azi farkar da mai barci yake yi, dole ya ɗaga murya. Maroƙi ma in yana zuga sarki, kowa ya san kambamar zulaƙe ce, kuma ita ake so. Matsala tana zuwa ne in hoton ya tsufa a bakin mutane. Hawaye kogi, zuciya ta tsage, duniya ta yi duhu, an faɗe su har sun daina cizo. Ga gwajin da nake ba ɗalibaina: ɗauki baitin, ka sa shi a waƙar wata masifa dabam. Baitin Kwara zai zauna daram a waƙar gobara, ta yaƙi, har ta saurayin da aka hana budurwa. Damin iri ba zai zauna ko'ina ba sai a gidan manomi a shekarar fari.

Tunda kai mutumin zaure ne, tuna addu'ar Annabi Ayuba a cikin Suratul Anbiya. Bayan duk abin da ya same shi, cewa ya yi cuta ta shafe shi. Ba waƙa ba ce, amma a nan kunnenmu ya koyi nauyin taƙaitawa.

Ba'adare daga Tawa: Ni wannan yabon kawaici yana ba ni tsoro. A 2005 yara na mutuwa da tamowa a jihar Maraɗi, shugaban ƙasa Tanja ya fito ya ce babu yunwa a Nijar. Shi ma ai rage magana ya yi. Mu kuma an horar da mu da "da sauƙi" da "sai godiya" ko muna kan gargara. In mawaƙi ya bi sahu ya yi kukan kurciya, wa zai kawo buhun hatsi? Karin maganar da kanta ta ce mai hankali ke ganewa. To in wanda ke riƙe da sito ba ya so ya gane fa?

Tsohon Malamin Firamare: Wannan magana ce mai nauyi, ɗan'uwa. Sai dai akwai bambanci. Mai mulki in ya rage magana, ɓoye abin yake yi. Baitocin yarinyar nan ba su ɓoye komai ba: ga rumbu, ga iri, ga uwa da ba ta ci ba. Abin da ta riƙe shi ne ihun kanta kawai. Kawaicin da ya lalace kuwa ana gane shi: in ka karanta ka kasa cewa me ya faru, ko da wa, to ba kawaici ba ne, duhu ne.

Ba'adare daga Tawa: Na ji, Baba, amma ban sauka ba. Shekara arba'in bayan yunwa, a rubuta a hankali. Ranar da ake cikinta, ni dai ihu zan yi.

Ɗalibar Hausa: Na gode, iyayena. Sai dai na karanta wa abokiyata da ta tashi a Legas, ta ce ba ta ga abin tausayi ba, ai abinci suka samu. Ba ta san mene ne iri ba. In ƙara baiti in bayyana?

Tsohon Malamin Firamare: Kada ki bayyana a wurin. Ki kai su damina: ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita da sungumi, Baba yana zaune a ƙofar gida. Ko ɗan birni zai tambayi dalili.

Almajirin Zaure: Ni da zan ba da shawara, ta bar baitin Kwara, amma ta sa shi a bakin maƙwabciya mai kururuwa, sannan Inna ta biyo da nata. Malam, me ka gani?