In Makka ta ga wata, me muke jira a Daura?

Sanusi: Ni fa abin nan ya daɗe yana damuna. Wata ɗaya Allah ya halitta, alƙibla ɗaya muke kallo. In Saudiyya ta ce wata ya tsaya, duniya duka ta ɗauki azumi. Duban da muke yi a nan ɓata lokaci ne.

Malam Lawal: Sanusi, wata ɗaya ne, amma magariba ba ɗaya ba ce. Ka ɗauki azumin 2025. An haifi jinjirin wata ranar Juma'a 28 ga Fabrairu, wajen ƙarfe 1:45 na dare agogonmu. Daga nan yana nisantar rana da kamar rabin digiri a kowace awa, kuma sai ya yi nisa da ita ido ke iya kama shi. Da rana ta faɗi a Karachi awa 13 yake da ita, a Makka kusan 14 da rabi, a nan Katsina kusan 17. Wanda ke yamma ya fi samun dama ke nan, don magaribarsa na zuwa daga baya. Saudiyya da Najeriya suka ɗauka Asabar 1 ga Maris, Pakistan da Indiya sai Lahadi.

Kabiru: Allah gafarta Malam, a nan na kama ka. Maroko ta fi mu yamma, amma ita ma sai Lahadi ta ɗauka.

Malam Lawal: Gaskiyarka, kuma na ji daɗin wannan gyara. Awanni kaɗai ba sa yanke hukunci. Akwai tsayin watan daga ƙasa da hadari ko hazo, sannan akwai abin da kowace hukuma ke karɓa. Maroko na da masu duba a wurare da yawa, kuma sai an gani da ido suke sanarwa. A Saudiyya Kotun Ƙoli ke karɓar shaida daga wurare irin su Sudair da Tumair. Mafi ƙarancin shekarun watan da aka tabbatar an gani da ido zalla awa 15 da rabi ne. Shi ya sa masana taurari ke jayayya da wasu sanarwar.

Hajiya Binta: Ni dai na san abin da idona ya gani. Wata shekara daren farko na fito alwala tsakar gida, sai ga wata ɓaro-ɓaro saman darbejiyar maƙwabta, har bayan isha'i bai faɗi ba. Na ce wa maigida wallahi wannan ɗan kwana biyu ne, an ci mana azumi ɗaya.

Malam Lawal: Hajiya, girmansa ba hujja ba ne. Watan da ya ɓuya jiya da awa 13, yau yana da 37, dole ya fito da kauri ya kuma daɗe bai faɗi ba. Wanda ake nema ran 29 kuwa siriri ne kamar yankan farce, yana ƙasa-ƙasa kusa da inda rana ta faɗi, kuma cikin ɗan lokaci zai bi ta. Wanda ya tsaya hira bayan sallar magariba ya rasa shi.

Sanusi: To ai Malikiyya muke bi, kuma na ji mashhurin mazhaba shi ne ganin gari ɗaya ya hau kan kowa.

Malam Lawal: Haka ne, in ya tabbata da adalai biyu ko jama'a mai yawa. Amma Ibn Abdil Barr, Bamalike ne, ya ware ƙasashe masu nisa kamar Andalus da Khurasan. Ga hadisin Kuraib a Sahihu Muslim: a Sham an ga wata daren Juma'a, a Madina daren Asabar, Ibn Abbas bai bi Sham ba. Kuma malamanmu ba su sakar wa shaidu linzami ba. In mutum biyu suka ce sun gani, aka cika 30, gari garau, ba a ga sabon wata ba, an ƙaryata shaidarsu.

Murja: Ku kuna maganar Makka. Ni mahaifiyata tana Nijar, ƙetaren iyakar Kongolam, tafiyar da ba ta kai awa ba. An taɓa yin shekarar da ta bugo min da asuba tana sahur, ni kuwa ban ɗauka ba. Sama ɗaya, hazo ɗaya. Na yini zuciyata ba daɗi.

Kabiru: Wannan ba nisa ba ne, Murja, hukuma ce. Mu rahoto kan tashi daga dagaci zuwa hakimi zuwa fadar sarki, ya isa kwamitin duban wata, Sarkin Musulmi ya sanar. Nijar na da tata majalisar. Ke ki bi inda kike.

Murja: Na bi, Yaya Kabiru. Amma in adalai biyu sun gani a Matamaye ta Nijar, me ya hana a karɓa a Sakkwato?

Malam Lawal: A fiƙihu ban ga abin da ya hana ba, in shaidar ta iso ta hanyar da aka amince da ita aka tantance. Abin da zan fara tambayar mai shaidar shi ne ƙarfe nawa ya gani, a wane gefen rana, kuma ina ƙahonnin suka fuskanta.

Sanusi: Ni har yanzu ina kan bakana game da Makka. Amma ran 29 ga Sha'aban, Malam, ka zo da ni wajen duban.