Neman kalmar Hausa: hai firesha, ren shado da karant mai sanyi

Malama Hadiza, Ringim: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan koyar da dalilan samuwar hamada, kuma ina so in raba wa ɗalibai takardar bayani da Hausa kafin mu shiga littafin Turanci. Kalmomi uku sun tsaya mini: hai firesha belt, ren shado, da kuma karant mai sanyi na teku. Abin da na rubuta a yanzu shi ne "hawan iska", "inuwar ruwan sama" da "igiyar ruwa mai sanyi". Ko ɗaya bai kwanta mini a rai ba. Gobe da yamma zan kai bugawa, don Allah a taimaka.

Malam Sabo, Gaya: Wa alaikumus salam. Malama, cire "hawan iska" tun kafin yara su gani. Na san daga hawan jini kika ɗauko shi, amma a ƙauye in aka ce hawan iska, bori za a fahimta.

Baba Ilu, tsohon ma'aikacin awon yanayi: Ko babu zancen bori, kalmar ta juya abin a baibai, 'yata. A wurin da ake magana iska sauka take yi, ba hawa ba. A tsakiyar duniya, inda rana ta fi dukan ƙasa, iska mai ɗumi da laima tana tashi sama. Tana hawa tana sanyi, laimar ta daskare ta zama gajimare, ruwa ya zuba a can. Abin da ya rage a sama busasshiyar iska ce. Sai ta bazu arewa da kudu, ta je ta sauko a wajajen digiri 20 zuwa 30 daga tsakiyar duniya. Iskar da ke sauka matsewa take yi, kuma duk kilomita ɗaya da ta sauko zafinta na ƙaruwa da kusan digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Iska mai zafi ta fi iya riƙe laima, don haka ko ɗan gajimaren da ya fara haɗuwa sai ta shanye shi. Sahara, hamadar Larabawa, Kalahari da tsakiyar Ostareliya duk a kan waɗannan layuka biyu suke, ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Ni "matsin iska mai yawa" zan ce, haka ake faɗa a rediyo.

Malam Sabo: Ranka ya daɗe, "matsin iska" fassarar Turanci ce tsagwaronta. Ni na daɗe da sa masa suna: danne-hadari. Ginin Hausa ne sak, irin su dafa-duka da faɗi-tashi. Yaro na ji ya san aikin abin.

Auwalu, Maigatari: Ni dai a nan ba mu buƙatar kalma, da idonmu muke gani. An sare itatuwa, yashi na cinye gonaki. Ku rubuta musu saran itace shi ne dalili, shi ke nan.

Baba Ilu: Auwalu, abin da kake gani gaskiya ne, amma sunansa kwararowar hamada, kuma darasi ne daban. Wannan lalacewar ƙasa ce a bakin hamada, inda har yanzu ana damina. Malama tana tambayar abin da ya sa tsakiyar Sahara ba ta samun ruwa tun asali. Bilma da ke Nijar ba ta samun ko milimita 25 a shekara, alhali Kano kan samu wajen 800 zuwa 900. Ba gatari ne ya raba su ba. Kano tana digiri 12, iskar damina daga tekun Gini na iso ta da kauri. Bilma ta wuce digiri 18, can iskar daminar ta riga ta sirance, ga busasshiyar iska na danne ta daga sama. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne, wurin da bai kai milimita 250 a shekara ba hamada ne.

Malam Sabo: Kun ji ko? Baba da bakinsa ya ce "danne".

Malama Hadiza: Ya faɗa, Malam. Amma danne-hadari sunan sakamako ne, ba sunan abin da ake aunawa ba. In na zo kishiyarsa, lo firesha, me zan ce? Matsin iska yana da yawa da ƙaranci, ana auna shi da lamba. A bakin teku matsakaicinsa milibar 1013 ne.

Malam Sabo: Sai ki ce tada-hadari. Ina wahala a nan? Matsalarmu ke nan, duk abin da bai yi kama da Turanci ba sai mu ga kamar bai kai ilimi ba.

Dakta Binta, Kazaure: Malam Sabo, ba raini ba ne. Ƙarancin matsi ba kullum yake tada hadari ba. A tsakiyar Sahara da bazara, zafin ƙasa kan sa matsin da ke kusa da ƙasa ya ragu, amma ruwa ba ya sauka, domin babu laima kuma iskar da ke can sama tana nan tana saukowa. In ka koya wa yaro tada-hadari, ka koya masa kuskure. Ga belt kuwa, a bar ɗamara, a ce ziri. Kowa ya saba da zirin Gaza. Zirin matsin iska mai yawa.

Malam Sabo: Kalma huɗu, har biyar, a madadin ɗaya. To.

Hajiya Rabi, Birnin Kudu: Ni ta biyun ce ta dame ni. Inuwa a wurin Bahaushe sanyi ce da hutu. In aka ce inuwar ruwan sama, zan ɗauka wuri ne mai ni'ima. Me ya hana a ce mafakar ruwa? Kamar yadda mutum ke fakewa a jikin katangar yamma in ruwa na dukan ta gabas. Ai ruwanmu daga gabas yake zuwa, shi ya sa bangon gabas ke fara zaizayewa.

Baba Ilu: Hajiya ta kama rabin zancen. Hadari daga gabas yake tahowa, haka ne, amma laimar da yake ci daga kudu maso yamma take shigowa. Wannan ya sa gefen Kagoro da Kafanchan, inda iskar ke fara cin karo da tsaunin Jos, ya fi gefen Bauchi samun ruwa. Sai dai misalin katanga yana da illa. Katanga tare ɗigon ruwa take yi. Tsauni kuwa tatse iskar yake yi, sannan ya gasa ta. Ga lissafi, Malama, ki ɗora a allo. Iska ta iso gindin tsauni mai tsawon mita 3,000 da zafin digiri 30. Kilomita na farko ba ta fara gajimare ba, tana rasa digiri 10, ta koma 20. A nan gajimare ya haɗu. Daga nan saurin yin sanyinta na raguwa, kamar digiri 6 kawai a kilomita, domin laimar da ke zama ruwa tana sakin zafi. Kilomita biyu, digiri 12, ta isa ƙololuwa tana 8, ta kuma zubar da ruwanta a hanya. Da ta juya ɗaya gefen babu sauran gajimare, sai ta koma ƙaruwar 10 a kowane kilomita. Kilomita uku, digiri 30. Ta iso ƙasa tana 38. Ta shiga da 30 tana da laima, ta fito da 38 a bushe. Kuskuren da yara ke yi shi ne amfani da 10 a hawa da sauka duka, sai su samu 30, su rasa daga ina zafin ya zo.

Dakta Binta: Kuma a gaya musu sai tsauni mai tsawo da faɗi. Duwatsun Dutse ko Dala ba za su yi wannan aikin ba. Misalan gaske su ne Patagoniya a gabashin tsaunukan Andis, da hamadar Gobi da Taklamakan a arewacin Himalaya da tudun Tibet, ko da yake waɗannan biyun nisansu daga teku ma na cikin dalili.

Malam Sabo: Ƙeyar tsauni. Fuska ta sha ruwa, ƙeya ta bushe.

Hajiya Rabi: Wannan kam ta fi tawa, Malam.

Dakta Binta: Ta yi daɗi, amma kowane tsauni yana da ƙeya, ba kowace ƙeya ce busasshiya ba. Kuma jarrabawa da Turanci za su rubuta. Yaron da ya riƙe inuwar ruwan sama zai gane ren shado nan take.

Malam Sabo: Wato Hausa ta zama tsani kawai, a taka a hau Turanci. Shekara nawa muna haka, Dakta? Larabawa da Faransawa da harshensu suke koyar da wannan.

Dakta Binta: Malam, yaran nan su za su zauna a ɗakin jarrabawa, ba ni da kai ba.

Malama Hadiza: Don Allah ku yi haƙuri, saura ta uku, dare na yi.

Baba Ilu: Igiyar ruwa ba ta yi ba, don mutane sun san ta a matsayin ruwan da ke tashi ya bugi gaɓa. Wannan kuwa ruwa ne mai tafiya a hankali ta hanya ɗaya, kamar kogi a cikin teku. A gaɓar Namibiya akwai na Benguwela. Iska na kore ruwan da ke saman teku daga gaɓa, sai na ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Ruwan sanyin ya sanyaya iskar da ke kansa, ta yi nauyi ta kwanta, iska mai ɗumi ta zauna a samanta kamar murfi a kan tukunya. Laima na nan, amma ba ta da hanyar hawa ta zama hadari, sai dai ta yi hazo da safe. Hamadar Namib ke nan. Ki gwada musu da Afirka ta Kudu: Doban a gabas, inda ruwan Agulas mai ɗumi ke wucewa, tana samun kusan milimita 1,000. Fot Nolot a yamma, kusan a layi ɗaya, ba ta kai 100 ba. Atakama a ƙasar Cile ita ta haɗa ukun: matsin iska, ruwan Hambolt mai sanyi, ga Andis ya tare laimar gabas. Garin Arika ko milimita 1 da ƙyar yake samu a shekara.

Hajiya Rabi: Baba, in aka rubuta hazo kawai, yaranmu ƙurar hunturu za su gani. A ce hazon raɓa.

Malam Sabo: Kogin teku mai sanyi.

Dakta Binta: Kogi yana da gaɓa biyu da ruwan daɗi. Kwararar ruwan teku mai sanyi.

Malam Sabo: Doguwa kuma.

Malama Hadiza: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan kai bugawa: zirin matsin iska mai yawa, da hazon raɓa. A ta biyu zan sa inuwar ruwan sama a kanun bayani saboda jarrabawa, amma a cikin zanen zan rubuta fuskar tsauni da ƙeyar tsauni. Ta ukun zan rubuta kwararar ruwan teku mai sanyi, in bayyana ta da misalin kogi da baki, in ga wadda yaran suka riƙe.

Malam Sabo: Ban gamsu da zirin ba, kuma danne-hadari na nan a littafina. Amma ki kula a zanen, kibiyoyin iskar digiri 30 ƙasa za su kalla.